Jawabin asembili kan zama da maƙwabtan da ba addininku ɗaya ba: me zan faɗa wa ɗalibai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye ta wajen Sumaila. Ɗalibanmu sun kusa ɗari huɗu, a ciki akwai yaran Hausawa Kirista kamar goma sha biyar daga wata unguwa da ke kusa da mu, sai masu bautar ƙasa biyu 'yan Kudu. Makon jiya an yi faɗa a bakin famfo, wani yaro ya kira ɗan ajinsu arne, har maganar ta kai ga iyaye. Shugaban makaranta ya ce in yi jawabi a asembilin Litinin kan zaman lafiya da masu wani addini. Me zan ce da yaran za su ɗauka, kuma iyaye ba za su yi mini wata fassara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi maka jagora.

Kafin Litinin ɗin, ka tabbata an kashe maganar faɗan nan a ofis: an zaunar da yaran biyu, an ji ta bakin kowa, wanda ya yi zagin ya ba da haƙuri, an sanar da iyayensu. Idan ka hau gaban asembili alhali ba a yi wannan ba, duk abin da ka faɗa yara za su ɗauke shi a matsayin shari'ar faɗan famfo, kowa yana kasa kunne ya ji ɓangaren da Malam ya bi. Kada ka kama sunan yaran, kada ka kama sunan unguwarsu, kada ma ka ce "abin da ya faru makon jiya". Sun sani, kuma sun san ka sani.

Shawarata ita ce ka gina jawabin gaba ɗaya a kan haƙƙin maƙwabtaka, ka rabu da batun kwatanta addinai. Dalilina biyu ne. Na farko, yaron ƙauye ya san maƙwabci a aikace. Ya san wanda gonarsa ke iyaka da tasu, wanda ake aro galma a gidansa, wanda akuyarsa ke shiga musu gida. Idan ka ce masa "a girmama bambancin addini", ba ka ba shi abin da zai yi da hannunsa ba. Idan ka ce masa "kada maƙwabcinka ya kwana da tsoron sharrinka", ya gane. Na biyu, haƙƙin maƙwabci magana ce da babu malamin da zai ja da kai a kanta, ko na zaure ne, ko na Izala, ko na ɗariƙa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta umarci a kyautata wa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa, kuma daga cikin fassarar da magabata suka yi wa na nesan akwai wanda ba Musulmi ba. Ibnu Hajar, a sharhinsa na Bukhari, ya faɗa a sarari cewa sunan maƙwabci ya haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba, mai ibada da fasiƙi, aboki da abokin gaba. Wannan ita ce hujjarka idan wani ya tare ka a ƙofar masallaci.

Babban abin da ke jawo wa malamai matsala a irin wannan jawabi jimla ɗaya ce: "ai addini duk ɗaya ne", ko "duk wuri ɗaya muka nufa". Mai faɗin haka yakan yi da kyakkyawar niyya, amma maganar ba ta yi wa kowa daɗi. Liman bai yarda da ita ba, fasto ma bai yarda da ita ba. Sannan ka tuna jawabinka sau biyu ake jinsa. Ana jinsa a filin makaranta daga bakinka, ana kuma jinsa da daddare a tsakar gida daga bakin yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda zai dunƙule minti bakwai a jimla guda. Idan jimlar da ya kai gida ita ce "Malam ya ce mu da Kirista duk ɗaya muke", washegari za ka ga uba a ofishin shugaba, wataƙila ma ya ce zai cire 'yarsa. Ka san yadda aka sha wahala kafin wasu gidajen su yarda da boko, kada ka ba su hujja. Don haka kai za ka zaɓi jimlar da za a kai gida, ka maimaita ta sau uku a cikin jawabin. Wadda na fi so ita ce lafazin hadisin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Idan yaro ya kai wannan gida, babu uban da zai ce an ɓata masa ɗa.

Game da tsayi, kada ka wuce minti bakwai. Yara a tsaye suke, wasu sun taka kilomita uku ko huɗu, wasu ba su karya ba. A fili, ba lasifika, mutum yana magana a tsanake da ɗaga murya, abin da zai iya furtawa a minti ɗaya bai fi kalma ɗari ba, saboda haka rubutunka ya tsaya tsakanin kalma ɗari shida zuwa ɗari bakwai. Aya uku, hadisi biyu, labari ɗaya, ƙa'idoji uku, sun ishe ka. Ka yi da Hausa. Na san akwai makarantun da ke da dokar Turanci a asembili, amma wannan magana ta shiga zuci ce, ka nemi izinin shugaba. Masu bautar ƙasar kuwa ka gaya musu abin da za ka faɗa tun ranar Juma'a, don kada su tsaya suna jin ana ambaton Kirista da Hausa ba su san me ake cewa a kansu ba.

Yanzu ga wurin da na fi son ka kula, wato yaran nan goma sha biyar. Da zarar ka furta kalmar Kirista, kawuna ɗari uku za su juya su dube su, kuma yaro ba abin da ya ƙi jini kamar a mai da shi abin kallo. Akwai malaman da ke kiran su gaba don a tafa musu, ko a sa su sha hannu da sauran yara. Kada ka yi. Ranar za su koma gida da kunya, gobe kuma a sa musu suna. Ka bar su a layin ajinsu yadda suka saba tsayawa. Ka kuma lura da lafazinka: kada ka riƙa cewa "mu" da "su", kamar Musulmi ne masu makaranta, sauran baƙi ne da aka yi wa alfarma. Yaran nan Hausawa ne, kakanninsu a nan aka binne su, yawancinsu jikokin Maguzawa ne da suka karɓi Kiristanci, kuma in aka bi salsala za ka tarar wasu daga cikin ɗalibanka Musulmi dangi ne da su. Wannan haka yake a Sumaila, haka yake a Tudun Wada da Rogo, haka ma ta wajen Roni a Jigawa. Ka ce "ɗaliban makarantar nan", ka ce "'yan garin nan". In za ka buɗe da addu'a kamar yadda aka saba, ka buɗe, amma kada ka tilasta musu su maimaita. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan kariya ce ga yaron Kirista a Kano kamar yadda take kariya ga yaron Musulmi da ke karatu a Inugu.

Sai zaɓen dalilai. Akwai labarin da ya yi yawo sosai, na maƙwabcin Annabi (SAW) Bayahude, wasu su ce tsohuwa, da ke zuba masa shara a ƙofa kullum, ranar da bai ga sharar ba ya je dubiya. Labari ne mai daɗi, yara na sonsa, amma masana hadisi sun ce ba shi da asali da wannan siga. A cikin ɗalibanka akwai 'yan Islamiyya, kuma malaminsu zai ji. In ya ce musu Malam ya kawo ƙagaggen labari, sauran jawabin ma ya rushe. Haka hadisin da ke cewa maƙwabta iri uku ne, mai haƙƙi ɗaya da mai biyu da mai uku: ma'anarsa malamai suna amfani da ita, amma an raunana isnadinsa, to ka faɗe shi a matsayin bayanin malamai in kana so, kada ka jingina shi ga Annabi. Ba ka ma buƙatarsu, domin ingantattun sun wadatar. Akwai yaron Bayahude mai yi wa Annabi hidima da ya kwanta ciwo Annabi ya je duba shi. Akwai gawar Bayahude da aka wuce da ita Annabi ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya ce, "Shin ba rai ba ne?" Akwai cewa Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Dukkansu suna cikin Bukhari. Akwai kuma na Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya ko tunkiya a gidansa ya riƙa tambayar ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Wannan na ƙarshe shi na fi so ga yaran karkara, don sun san rabon nama, kuma su ake aika da kwano.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Kada ka ce naman layya ne. Ruwayar ba ta ce haka ba, kuma a mazhabar Malikiyya akwai maganar karhanci kan bai wa wanda ba Musulmi ba naman layya, don haka in ka kawo shi ka buɗe muhawara a banza. Haka batun yi wa Kirista barka da Kirsimeti, ko cin abincin bikinsu, ko fara yi musu sallama. Malamai sun yi saɓani a kansu, filin asembili kuma ba wurin fatawa ba ne. Ka tsaya kan abin da kowa ya yarda da shi: gaisuwar "ina kwana" da "sannu da aiki", dubiyar mara lafiya, taimako ranar gobara, gaskiya a ciniki, kame baki daga zagi.

Ga yadda ni zan faɗe shi. Ka sauya shi ya dace da bakinka, kada ka karanta daga takarda.

"Ɗalibai, ina kwananku. Zan yi muku tambaya, amma ban son surutu, hannu kawai za ku ɗaga. Wa aka taɓa aika gidan maƙwabta ya karɓo wuta ko gishiri? To, sauke. Wa gonarsu ke iyaka da gonar wani? Sauke. Ashe dukkanku kuna da maƙwabta. Yau a kansu zan yi magana.

"Allah Maɗaukaki, a Suratun Nisa'i, a ayar da ya ce a bauta masa shi kaɗai, a kyautata wa iyaye da dangi da marayu, a cikin ayar nan ya ce a kyautata wa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa. Malamai sun ce maƙwabci maƙwabci ne, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse sau uku: wallahi bai yi imani ba, wallahi bai yi imani ba, wallahi bai yi imani ba. Aka ce wane ne, ya Manzon Allah? Ya ce wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Ku riƙe wannan, zan tambaye ku a ƙarshe.

"Wani sahabi, Abdullahi ɗan Amru, an yi yanka a gidansa. Da ya shigo bai tambayi nasa kason ba. Cewa ya yi, kun kai wa maƙwabcinmu Bayahude? Ya sake tambaya, kun kai masa? Sai ya ce ya ji Annabi yana cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. A littafin Kirista ma, a Markus, an ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Kowa da addininsa, kowa ya riƙe nasa, amma babu wanda addininsa ya ba shi izinin cutar da maƙwabci.

"A watan Yunin 2018, a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, 'yan bindiga sun koro mutane, yawancinsu Kirista. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ne mai shekara tamanin da uku a lokacin. Ya buɗe musu gidansa da masallacinsa, ya ɓoye sama da mutum ɗari biyu da sittin. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya tsaya a ƙofa ya ƙi. Ba shi da bindiga, ba shi da soja. Liman ne na ƙauye kamar limaminmu. Bai bar addininsa ba don ya yi haka. Addininsa ne ya sa shi.

"Ku ba a nemi ku tare harsashi ba. Abu uku kawai nake nema daga yau. Na ɗaya, a makarantar nan kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa, da shi za a kira shi. Ba a kiran kowa da sunan zagi saboda addininsa ko ƙabilarsa, ko da wasa ne. Na biyu, ba a zagin abin da wani yake girmamawa, ba a taɓa littafinsa da wulaƙanci, ba a kwaikwayon ibadarsa don dariya. Allah ya hana mu haka a Suratul An'am, domin in ka zagi na wani, zai rama ya zagi naka, kai ka jawo. Na uku, in ka ji an ce wane ya faɗi kaza a kan addini, kada ka gaya wa abokinka, kada ka kai unguwa. Ka zo wurina ko wurin shugaban makaranta a take. Suratul Hujurat ta ce in an zo muku da labari ku yi bincike, don kada ku cutar da mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Binciken aikin manya ne.

"To, wa Annabi ya ce bai yi imani ba? Ban ji ku ba. Sake faɗa. Madalla. In kun koma gida aka tambaye ku me Malam ya ce yau, wannan za ku faɗa. Allah ya yi muku albarka."

Ka lura da yadda na jera shi. Tambayar farko tana sa hannu ya motsa, don yaron da ya ɗaga hannu ya riga ya shigo cikin maganar, kuma tambaya ce da Musulmi da Kirista za su ɗaga tare ba tare da an ware kowa ba. Ayar Markus jimla ɗaya na ba ta, ban ƙara ba. Ta isa yaron Kirista ya ji an san da shi, ba ta kai ta sa a ce Malam ya yi wa yara wa'azi da Baibul ba. In ka ga garinku ko wannan ɗin zai zama magana, ka cire sunan littafin ka ce "Kirista ma a addininsu an umarce su da son maƙwabci". Kai ka san mutanenka fiye da ni. Labarin limamin Filato kuwa na fifita shi a kan na hijirar sahabbai zuwa Habasha wurin Najjashi, duk da cewa shi ma yana da kyau ƙwarai, saboda yara sukan ɗauki labaran sahabbai a matsayin abin da ya wuce ƙarfin mutanen yanzu. Dattijon ƙauye mai rawani da buta, a ƙasar nan, a zamanin nan, ba su da hanyar cewa ai wannan sai su. Ka ajiye na Habasha don wani makon. Ka kuma lura ban faɗi ƙabila ko addinin maharan ba, kuma kai ma kada ka faɗa. A cikin layin nan akwai yaran rugage, bai kamata ka kashe wata wutar ka kunna wata ba.

Ƙa'ida ta uku ita ce mafi nauyi, ko da yake ita ce ba ta da daɗin ji. Wanda ya san tarihin rigingimun Arewa ya san da yawansu a makaranta suka fara, da "an ce wane ya ce". Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a kwalejin ilimi ya tashi, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Na Tudun Wada a nan jihar Kano a 2007 ma daga zargi tsakanin ɗaliban sakandare ya faro. Kai malami ya kamata ka san wannan, amma kada ka ba yara labarinsa a asembili. In ka fara lissafa coci nawa aka ƙona, masallaci nawa aka rusa, yaran Kirista za su tsorata, sauran kuma wasunsu za su ji abin kamar labarin jarumta. Abin da kake so shi ne ka datse hanyar da jita-jita ke bi: daga bakin yaro zuwa abokinsa, zuwa majalisar matasa a bakin kasuwa, zuwa waya. Kuma tun da ka ce su zo wurinka, dole malamai su san abin da za su yi in an zo. Ku yi magana a ɗakin malamai kafin Litinin. Wanda aka zarga a ɗauke shi zuwa ofis nan take, malami ya zauna tare da shi, kada a bar shi ya tafi gida shi kaɗai. Masu kawo ƙara a ji su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, a rubuta abin da kowa ya ce ya ji da kunnensa, don sau da yawa in an raba su za ka tarar mutum ɗaya ne ya ce ya ji, sauran daga gare shi suka ji. Shugaba ya kira dagaci da liman da iyayen yaron kafin a tashi makaranta, in abin ya yi zafi a sanar da 'yan sanda. Kada a yi shari'ar a gaban aji, kada kuma a kori ƙarar da cewa shirme ne, domin yaron da aka kora daga ofis waje zai kai ta.

Da na ambaci liman, ka je ka gaishe shi ranar Asabar ko Lahadi, ka karanta masa ayoyi da hadisan da za ka kawo, ka ce ya gyara maka in akwai gyara. Ba don ba ka sani ba. In magana ta dawo gari a karkace, shi ne zai ce ai ni na gani, babu komai a ciki. Haka shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. In da hali ka aika wa dattijon unguwar su yaran Kirista cewa za a yi jawabi, kuma ba za a kama sunan kowa ba.

Wata matsalar kuma a cikin gida take. In akwai malamin da shi kansa yake kiran yaran nan da sunan da ka hana, ko yake sa su kaɗai shara lokacin darasin addini, yara aikinsa za su bi, su bar maganarka. A makarantu da yawa na karkara babu malamin darasin addinin Kirista, sai a bar yaran suna gararamba a waje har a gama. Ko ba za a samu malami ba, a ba su aji ko inuwa da aikin karatu, a sa wani ya kula da su. Wannan maganar ta shugaba ce, ka kai masa ita cikin ladabi.

Yadda za ka gane ko jawabin ya kama, ba daga tafi ba ne, yara suna tafa wa duk wanda ya gama magana. Tun kana kan yi ka dubi layin baya, na manyan aji uku: in suna ƙus-ƙus suna waiwayen wani yaro, ka san an mai da maganar tsokana, ka tsaya shiru ka dube su har su nutsu, sannan ka ci gaba. Bayan nan ka sa ido a wurare uku cikin makon, bakin famfo, filin ƙwallo lokacin raba 'yan wasa, da hanyar komawa gida. Wani lokaci zagin yakan sauya riga, a daina faɗin kalmar da ka hana a koma kiran yaro "maƙwabci" da gatse. In ka ji haka, ka kira mai yi a keɓe, kada ka sake tara asembili a kai. In kuma cikin makon wani yaro ya zo ya ce Malam an ce wane ya ce kaza, kada ranka ya ɓaci, alama ce ta cewa ƙa'ida ta uku ta shiga. Ranar Juma'a kafin a tashi, ka shiga aji ɗaya ko biyu ka tambayi ƙa'idojin nan uku ba tare da ka tuna musu ba. Wadda suka manta, ka ba malamin da ke da asembilin Litinin mai zuwa ya maimaita ta cikin minti biyu, da nasa misalin.